Daga Daura zuwa teburin kwamishina

Mu da muka fara aikin gwamnati a ƙasar Daura mun iske tsofaffin ma'aikatan En'e ba su gama ritaya ba, kuma a bakinsu muka fara jin yadda umarni ke sauka. Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai unguwa. Turawa sun ƙarfafa wannan jeri bayan sun naɗa Malam Musa Sarkin Daura a 1906, domin haraji suke so ya hau ta hanya ɗaya, kowa ya san hannun da ya karɓa. Amma tun a lokacin akwai baraka. Malamin daji da aka tura gunduma yana zaune a ƙasar hakimi, albashinsa da umarnin aikinsa kuwa daga shugaban sashensa na cikin birni suke zuwa. Wa zai bi in sun saɓa? Wannan tambaya ita muka gada.

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, an rabo ma'aikata daga Kaduna ana ta neman inda za a zaunar da kowa, sai ga garambawul na 1988, wato dokar soja mai lamba 43, wadda ta biyo bayan rahoton kwamitin Dotun Phillips. Dokar ta ce kada sassan ma'aikata su wuce takwas. Uku dole ne a ko'ina: sashen kula da ma'aikata, sashen kuɗi da sayayya, da sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga. Sauran, waɗanda ba za su haura biyar ba, su ne na ainihin aikin da aka kafa ma'aikatar dominsa. Babban sakatare ya koma darakta-janar, ikon kashe kuɗi ya koma hannun minista, a jiha kuma kwamishina.

Takwas ɗin ba da ka aka faɗe ta ba. Tun 1933 wani masani, Graicunas, ya nuna cewa shugaba ba mutanensa kawai yake lura da su ba, har da abin da ke tsakaninsu: wane da wane, waɗannan biyu da wancan. A lissafinsa, mai mutum biyar yana da alaƙa 100 da za ta iya tasowa, mai shida 222, mai takwas 1,080. Duk wanda ya taɓa zama taron daraktoci ana rabon motoci ya san ba ƙarya ba ne.

Inda tsarin ya gaza, a ganina, shi ne akwatunan hedkwata kawai ya ƙirga. Ɗauki ma'aikata mai ofishin shiyya a Daura, wanda ke kula da Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure. A takarda, shugaban shiyya ɗan akwati ɗaya ne a ƙarƙashin darakta ɗaya. A zahiri kuwa shugabannin tashoshi ko makarantu da yawa ne ke kallonsa, sun ninka takwas nesa ba kusa ba, kuma kowane sashe na Katsina yana aiko masa da tasa takardar. Akawun kuɗi da ke ofishinsa ma ya fi jin tsoron daraktan kuɗi a kansa.

Ga yadda abin ke kasancewa. Iska ta yaye rufin wani gini a ƙauyen Baure da farkon damina. Mai kula da ginin ya rubuta wa babban sakatare, amma ta hannun shugaban shiyya, domin tsallake na gaba da kai laifi ne. Shugaban shiyya ya sa hannu ya aika Katsina. A rajista a buɗe fayil, babban sakatare ya tura wa darakta, darakta ya tura wa mataimakinsa, shi kuma ya tura wa jami'in da zai rubuta shawara. Sai fayil ya sake hawa mataki-mataki, ya ratsa sashen tsare-tsare a duba ko akwai aikin a kasafi, ya ratsa sashen kuɗi, sannan kwamishina. Kafin nan an yi girbi.

Mai son gane ciwon ma'aikata ya buɗe fayil ya karanta bayanan da ke ciki. In ya ga hannu huɗu a jere ba wanda ya ƙara komai sai "a duba", matakan sun yi yawa, an ƙirƙire su ne don a sama wa mutane ƙarin girma. In kuma ya ga fayiloli sun taru a tebur ɗaya har ƙasa, masinja na ɗaure su da igiya, to mutum ɗaya aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa.

Kwamitin Allison Ayida ya ba da shawarar a warware yawancin garambawul ɗin, aka soke dokar a 1995, daga baya babban sakatare ya dawo da sunansa da ikonsa kan kuɗi. Hakan ya gyara saman jerin. Ƙasan kuwa, inda shugaban shiyya ba ya iya amincewa da kuɗin kwano da ƙusa sai ya rubuta Katsina, ba wanda ya taɓa shi a wancan zagaye.