Yadda Talla Ya Tsuke Daga Minti Goma Zuwa Daƙiƙa Goma

A ranar 28 ga Agusta, 1922, gidan rediyon WEAF da ke New York ya sayar wa kamfanin Queensboro lokaci don ya tallata gidajen da ya gina a unguwar Jackson Heights. Wakilin kamfanin ya zauna gaban makirfo ya yi jawabi na kusan minti goma, yana yabon iskar unguwar da sararinta, yana kushe cunkoson tsakiyar birni. Wannan na cikin tallace-tallacen farko da aka biya kuɗi aka saka a rediyo. A yau mai rubuta talla yakan samu daƙiƙa goma kacal, wani lokaci ma shida, a ɗan tsakanin da ke raba shiri da hutun talla, ko gab da fara bidiyo a waya. Ba masu rubutu ne suka zaɓi wannan ƙunci ba. Tsarin gidajen watsa shirye-shirye ne da tsadar lokaci suka ɗora musu shi, kuma kusan kowace ƙa'idar da ake bi wajen rubuta gajeren talla ta samo asali ne daga wata matsi da aka shiga a wani zamani.

Waɗanda suka fara gane darajar ɗan ƙanƙanin lokaci masu agogo ne. Tun 1926 kamfanin Bulova ya riƙa sayen sanarwar lokaci a gidajen rediyon Amurka. Mai sanarwa zai faɗi ƙarfe nawa ne, sannan ya ce bisa agogon Bulova, shi ke nan. Dabarar ita ce mai sauraro da kansa yake kasa kunne don ya ji lokaci, sai sunan kamfanin ya shiga tare da abin da ake nema. Da aka halatta talla a talabijin ɗin Amurka ranar 1 ga Yuli, 1941, Bulova ɗin ne dai ya fara, a tashar WNBT, kafin wasan Brooklyn Dodgers da Philadelphia Phillies, inda aka nuna fuskar agogo ɗauke da sunansa. Daga nan aka gaji ƙa'ida ta farko: gajeren talla ba ya ɗaukar fiye da suna guda da magana guda da za a liƙa masa.

Ita kuwa daƙiƙa goman kanta, daga doka ta fito. Hukumar sadarwa ta Amurka ta wajabta wa kowace tasha ta riƙa faɗin sunanta da garinta lokaci-lokaci. Manyan kamfanonin da ke rarraba shirye-shirye sukan bar ɗan giɓi tsakanin shiri da shiri don ƙananan tashoshi su cika wannan sharaɗi. Nan da nan tashoshin suka ga ai giɓin ma haja ne. A shekarun 1950 sai ya zama ana sayar da daƙiƙa goman gabatar da tasha ga 'yan kasuwa, bisa sharaɗin a raba. A wani tsarin, mai talla ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na fuskar talabijin, tasha ta riƙe kusurwa guda ta sa tambarinta. A wani kuma ya ɗauki fuskar duka, amma ya sauka da wuri. Ko ta wace hanya, tasha na buƙatar kamar daƙiƙa biyu ta faɗi sunanta, ga kuma ɗan shiru a farko don kada sauyin na'ura ya guntule kalmar farko. Abin da ya rage wa murya bai wuce daƙiƙa shida zuwa takwas ba. Tun daga lokacin marubuta suka koyi cewa talla mai daƙiƙa goma ba ya ba ka daƙiƙa goma na magana.

A wancan zamani gajeren talla ɗan rakiya ne, domin minti guda ne ma'aunin da aka sani. Tsada ce ta karya shi. A shekarun 1960 manyan kamfanoni suka riƙa sayen minti guda su cusa kaya biyu a ciki, kowanne daƙiƙa talatin. Da aka haramta tallan sigari a rediyo da talabijin na Amurka daga Janairun 1971, tashoshi suka rasa manyan masu saye, sai suka buɗe ƙofar sayar da daƙiƙa talatin kai tsaye, har ya zama shi ne ma'auni. A tsakiyar shekarun 1980 aka sake raba talatin ɗin biyu, daƙiƙa 15 ta samu gindin zama. A wannan rabe-raben ne aka gano wani kuskure da har yau ake maimaitawa, wato a ɗauko dogon talla a yi ta datsewa har ya shiga ƙaramin lokaci. Labarin da aka gina da gabatarwa da rikici da warwarewa, idan aka matse shi, gabatarwar ce ke cinye lokacin, sunan kaya ya zo a guje a ƙarshe. Gajeren talla daga tushe ake rubuta shi.

Birtaniya ta ƙara wa sana'ar wani takunkumin. Can an fara talla a talabijin ranar 22 ga Satumba, 1955, da man goge baki na Gibbs SR a tashar ITV, amma an daɗe ba a yarda kamfani ya ɗauki nauyin shiri ba. Da aka sassauta, kamfanin lantarki na Powergen ya ɗauki nauyin hasashen yanayi na ITV a 1989, Cadbury kuma ya ɗauki wasan kwaikwayon Coronation Street a 1996. Abin da mai ɗaukar nauyi ke samu shi ne 'yan daƙiƙoƙi a bakin shiri da gefen kowane hutu. Dokar ƙasar ta hana a mayar da wannan wuri cikakken talla: ba a cewa “ku saya”, ba a kiran mutane su garzaya kanti. Dole marubuci ya danganta kamfanin da shirin, ya kuma tuna cewa mai kallo zai ga abin sau da yawa a dare guda. Barkwancin da ya ba da dariya a hutun farko yakan gundura a na huɗu, shi ya sa ake rubuta irin waɗannan saƙonni jeri-jeri, jigo ɗaya da fuskoki daban-daban.

Sai zamanin intanet. A 2010 YouTube ya fito da tallan da mai kallo zai iya tsallakewa bayan daƙiƙa biyar, wanda ya sa ajiye suna sai ƙarshe ya zama asara. Kamfanin inshora na Geico ya yi wasa da wannan a 2015. Iyali na zaune a teburin cin abinci, murya ta faɗi saƙon cikin daƙiƙa biyar, ta ce ba za ka iya tsallake tallan ba don ya riga ya ƙare, sai mutanen suka sandare, kare ya hau tebur yana cinye musu abinci. A 2016 kuma YouTube ya kawo talla mai daƙiƙa shida wanda ba a tsallakewa.

Ga yadda wannan gado yake aiki a kan takarda. A ce mai kamfanin sabulu, mu kira kayan nasa Wane, ya sayi daƙiƙa goma kafin labarai, ya kawo rubutunsa kamar haka: “Assalamu alaikum jama'a, albishirinku! Muna farin cikin sanar da ku cewa kamfaninmu mai albarka ya fito da sabon sabulun wanki mai suna Wane, mai inganci da rahusa, mai ƙamshi, mai fitar da datti, wanda za ku samu a duk shagunan da ke kusa da ku.” Kalma 45 ke nan, gaɓa 85. A Hausa gaɓa ya fi dacewa a ƙirga, domin “da” da “albishirinku” duk kalma ɗaya ɗaya ne, amma ba lokaci ɗaya suke ci ba. Mai karatu a natse yakan furta gaɓa huɗu zuwa biyar a daƙiƙa, don haka rubutun zai ci kusan daƙiƙa ashirin. Mafi muni, sunan sabulun shi ne kalma ta 23. Lokacin da aka saya zai ƙare ba a kai gare shi ba.

Idan aka bar rabin daƙiƙa na shiru a farko da ƙarshe, da ɗan numfashi a tsakiya, abin da ya rage kamar daƙiƙa takwas ne, wato gaɓa 32 zuwa 40. Sallama da albishir za su fita, ba don rashin ladabi ba, sai don mai gabatar da shiri ya riga ya gaida jama'a. “Muna farin cikin sanar da ku” labarin kamfani ne, ba na mai wanki ba. “Inganci da rahusa” kuwa, idan aka cire sunan Wane aka sa na abokin hamayyarsa, maganar ba za ta canja ba, kuma duk kalmar da ta faɗi wannan jarrabawa ba ta da wurin zama. Daga nan sai a titsiye mai kaya da tambaya guda: me sabulunka ke yi wanda matan da ke saye suke faɗa da bakinsu? A ce amsarsa ita ce yana kumfa ko da ruwan rijiya mai zartsi, inda wasu sabulan ke tsinkewa su bar farin dauɗa a saman baho. To, an samu magana:

“Sabulun Wane: ko da ruwan zartsi, kumfa yake. Tambayi Wane a shagon unguwa.”

Kalma 13, gaɓa 26. Suna ya fito a daƙiƙar farko, ya sake fitowa kafin rufewa. Ba a ce yana fitar da datti ba, domin a talabijin hoto zai nuna hannu na tsamo farar riga daga baho mai kumfa, kuma abin da ido ya gani asara ne baki ya maimaita. Idan mai kaya ya nace sai an rubuta wani sharaɗi a ƙasan hoto, shi ma yana da farashi. A ƙa'idar Birtaniya ana ba kowace kalma kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a ƙara daƙiƙa biyu don ido ya lura da rubutun, sai ka ga kalma tara ta riƙe kusan daƙiƙa huɗu, kuma a lokacin hankalin mai kallo ya rabu biyu.

Ana gane rubutun da ya yi kiba tun a ɗakin naɗi. Idan mai karatu yana haɗiye ƙarshen kalmomi, ko injiniya ya fara yanke numfashi yana ƙara wa murya gudu, gyaran na kan takarda ne, ba na na'ura ba. A Hausa gudun ya fi illa, domin tsawon wasali da karin sauti ne ke bambance kalmomi da yawa, kuma sauri ne ke fara danne su. Shi ya sa ake karanta rubutun da babbar murya da agogo a hannu, sannan a karanta wa wanda bai san kayan ba sau ɗaya tak, a tambaye shi sunan me ya ji, me kuma aka ce yana yi. Idan ya kawo biyun, rubutu ya tsaya. Idan kuma za a kai tallan YouTube inda daƙiƙa shida ce, ko gefen wani shiri a ƙasar da doka ta hana kiran masu saye, jimla ta biyu ce za ta fita, a bar kalma takwas na farko.