Ƙari, ƙullutu ko tabo: sunan abin da aka gani a huhu

A ce wani masunci ɗan shekara hamsin daga Dole Kaina ya faɗi da babur a hanyar Kamba, aka kai shi har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka yi masa hoton CT na ƙirji don a duba haƙarƙari. Haƙarƙari lafiya lau. Amma a ƙasan takardar sakamako an rubuta `7 mm nodule`, wato wani ɗan abu mai faɗin milimita 7 a huhun dama, wanda ba shi aka je nema ba. Ɗansa da ya yi boko ya karanta, ya ce, "Baba, ƙari ne." Likita kuwa ya ce a koma gida, a dawo bayan wata shida. Nan rigima take tashi, domin a kunnen Bahaushe ƙari abu ne da ake yankewa, mai cewa a bar shi kuwa sai a ɗauka sakaci yake yi.

Ni a ganina tun daga sunan aka kauce. Kalmar da ke takardar, wadda kusan haka take ko da a Malanbil ko Gaya aka rubuta ta da Faransanci, daga Latin ta fito, ma'anarta ɗan ƙulli. Ba sunan cuta ba ce, sunan siffa da girma ne: inuwa dunƙulalliya da ba ta wuce milimita 30 ba. In ta wuce haka, likitoci suna canza mata suna, suna kuma canza mata mataki. Saboda haka "ƙullutu" ya fi "ƙari" kusa da gaskiya, don bai yanke hukunci ba. Sau da yawa ma "tabo" ne daidai. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, jiki yakan killace ƙwayar cuta, wurin ya warke ya bar alama, wani lokaci ya taurare har ya fito fari fat a hoto. Irin wannan ya gama aikinsa tun shekaru.

To me zai hana a cire kowa ya huta? Lissafi ne. Jagorar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Fleischner ta sabunta a 2017 ta nuna cewa ƙullutun da bai kai milimita 6 ba, yiwuwar ya zama sankara ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Huhu kuwa ba fata ba ne da za a tsaga a matse. Ko allurar ɗebo nama aka soka ta ƙirji, iska takan shiga tsakanin huhu da haƙarƙari, huhun ya lotsa, wasu har sai an sa musu roba. Kuma abu mai girman ƙwayar wake, da yake motsi da kowane numfashi, allura tana iya kuskure shi. Tiyata kuma tana tafiya da lafiyayyen huhu. In aka yi wa mutum ɗari, an wahalar da kusan dukansu a kan tabo.

Abin da likita ya ce, wato "a bi shi", shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ba "a bar shi" ba ne. Lokaci ake mayarwa ma'auni, domin sankara tana girma, tabo kuwa yana nan yadda yake. Ga masuncinmu, mai ƙullutu tsakanin milimita 6 da 8, ana sake hoto bayan wata 6 zuwa 12, sannan a wata 18 zuwa 24, musamman in mai shan taba ne. Ƙarin girman da ake nema ƙanƙane ne a ido: daga milimita 7 zuwa 9 yana nufin ƙullutun ya ninka jikinsa, tunda ta kowane gefe yake cika. Bambancin milimita ɗaya kuwa yana iya zama na awo kawai. Ƙullutu mai tauri da ya yi shekara biyu bai girma ba, ana sallamar mai shi. Mai hazo-hazo a hoto ya fi jinkirin girma, shi ya sa ake binsa har shekara biyar. Wanda ya haura milimita 8, ko gefensa yake da tsika-tsika, ba a ba shi wannan dogon lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne nisa. Bibiya ba ta yiwuwa sai an ɗora sabon hoto kusa da tsoho, mutumin bakin iyaka kuwa yau Birnin Kebbi, gobe asibitin ƙetare. Ya karɓi faifan hoton, ba takarda kaɗai ba, ya adana shi inda ruwa ba zai taɓa ba. Kuma wannan jadawali na wanda ba ya jin komai ne, ɗan shekara 35 zuwa sama, wanda bai taɓa sankara ba, garkuwar jikinsa kuma lafiya. Mai tarin da ya wuce mako biyu, ko jini a majina, rama da zufan dare, kada ya jira wata shida. Ya je a gwada majinarsa don tarin fuka a makon nan.