Iyakar awannin tuƙin direbobin bas da manyan motoci a Tarayyar Turai

Iyakar awannin tuƙi ƙa'idoji ne da ke fayyace tsawon lokacin da direban bas ko na babbar mota zai iya yi yana tuƙi, da kuma hutun da ya wajaba ya samu kafin ya sake hawa mota. A Tarayyar Turai ƙa'idojin suna cikin doka mai lamba 561/2006, wadda ta fara aiki a ranar 11 ga Afrilu 2007. Dokar ta shafi motocin ɗaukar kaya da nauyinsu ya wuce tan 3.5, da motocin fasinja masu ɗaukar fiye da mutum tara har da direba. Ba ta shafi bas-bas masu jigila a kan tsayayyar hanya da ba ta wuce kilomita 50 ba, domin waɗannan kowace ƙasa ce ke tsara nata.

Iyakar tuƙi

Direba ba zai wuce awa 9 yana tuƙi a rana ba, amma an yarda ya kai awa 10 sau biyu a mako. A mako guda iyakar ita ce awa 56, a kowane mako biyu a jere kuwa awa 90. Mako a wannan doka yana farawa ne daga ƙarfe 00:00 na Litinin zuwa ƙarfe 24:00 na Lahadi, ko da wace rana direban ya fara aiki.

Bayan tuƙin awa huɗu da rabi dole direba ya huta na minti 45. Yana iya raba hutun gida biyu, minti 15 da farko sannan minti 30, kuma ba a juya wannan jeri. Sauke kaya, shan mai da cike takardu duk aiki ne, don haka ba a lissafa su a matsayin hutu.

Hutun rana da na mako

Cikakken hutun rana awa 11 ne. Ana iya rage shi zuwa awa 9, amma sau uku kawai tsakanin hutun mako da na gaba. Wajibi ne hutun ya kammala a cikin awa 24 daga lokacin da direba ya fara aiki. Ma'ana, wanda ya fara aiki ƙarfe 06:00 sai ya tashi zuwa ƙarfe 19:00 idan cikakken hutu zai yi, ko ƙarfe 21:00 idan rageggen hutu ne.

Cikakken hutun mako awa 45 ne, kuma dole a fara shi kafin a wuce kwana shida, wato awa 144, daga ƙarshen hutun makon da ya gabata. Ana iya rage shi zuwa awa 24, amma a kowane mako biyu a jere sai ɗaya ya zama cikakke. Awannin da aka rage bashi ne: ana biyan su a dunƙule, a haɗe da wani hutu na aƙalla awa 9, kafin ƙarshen mako na uku da ya biyo baya. Gyaran da aka yi wa dokar a shekarar 2020 ya fayyace cewa ba a yin cikakken hutun mako a cikin mota.

Misalin jadawalin rana

A ɗauki direban babbar mota da ya fara aiki ƙarfe 06:00 na Litinin. Ya duba taya, birki da fitilu na rabin awa, sannan ya yi tuƙi daga 06:30 zuwa 11:00. A nan awa huɗu da rabi ta cika, sai ya huta zuwa 11:45. Ya ci gaba da tuƙi zuwa 14:15, ya sauke kaya na awa ɗaya, ya sake tuƙi daga 15:15 zuwa 17:15. Tun da sauke kayan ba hutu ba ne, ana haɗa awa biyu da rabi na farko da awa biyu na baya, su ba da awa huɗu da rabi cif. Jimlar tuƙin ranar awa 9 ce. Idan ya gama cike takardu ƙarfe 17:30, ba zai koma aiki ba sai ƙarfe 04:30 na Talata.

Yanzu a ce an tsayar da shi awa biyu a wurin sauke kaya. Awannin tuƙinsa ba su ƙaru ba, amma sai ƙarfe 19:30 zai tashi. Daga nan zuwa 06:00 na safe awa goma da rabi ce, saboda haka doka ta ɗauke shi rageggen hutu ko da ya yi barci har rana ta fito. Ya cinye ɗaya daga cikin ukun da yake da su. Wannan ne ya sa masu tsara jadawali ke barin sarari a ƙarshen rana maimakon su cika ta maƙil.

Misalin jadawalin mako

Idan direban ya yi awa 10 a Talata da Alhamis, da awa 9 a sauran kwanaki huɗu zuwa Asabar, ya kai awa 56. Abin da ya rage masa a mako na gaba awa 34 ne kacal, wanda bai kai cikakkun kwanaki huɗu ba. Idan kuma ya tashi ƙarfe 17:30 na Asabar, cikakken hutunsa ba zai ƙare ba sai 14:30 na Litinin. Fitowa ƙarfe 06:00 na nufin ya huta awa 36 da rabi, kamfani kuma ya ci bashin awa takwas da rabi.

Akwai kuma wata doka ta daban, mai lamba 2002/15, da ta taƙaita dukkan aikin direba, tuƙi da waninsa, zuwa awa 60 a mako, matsakaici kuma awa 48. Makon tuƙin awa 56 ya bar awa huɗu ke nan don lodi da duba mota. Saboda haka jadawalin da ya fi ɗorewa shi ne na kwana biyar masu awa 9, wato awa 45 a mako, wanda ke ba da 90 daidai a mako biyu. Kafin a ba direba aikin sabon mako, ana fara duba abin da ya tuƙa a makon jiya, a cire daga 90.

Direbobi biyu a mota ɗaya

A doguwar tafiyar bas akan sa direbobi biyu suna karɓa-karɓa. Kowannensu yana nan a kan iyakarsa ta awa 9 ko 10, amma hutun rana yakan zama awa 9 a cikin awa 30. Wannan na ba su damar yin aiki har awa 21 kafin motar ta tsaya.

Yadda ake gano saɓa doka

Na'urar takograf da ke cikin mota ita ke rubuta lokacin tuƙi, sauran aiki, jira da hutu, a kan katin da ke ɗauke da sunan direba. Tun daga 31 ga Disamba 2024 jami'an kan hanya na iya neman bayanan kwana 56 da suka gabata, maimakon 28 na da. Kurakuran da ke bayyana sun haɗa da hutun minti 30 kafin na 15, matsar da mota a tsakiyar hutu, da mance shigar da aikin da aka yi ba a cikin mota ba.

Dokar ta ɗora alhaki a kan kamfani ma. Dole ya tsara aiki yadda direba zai iya bin ƙa'ida, kuma an hana biyan lada gwargwadon nisan tafiya ko yawan kaya idan hakan zai jawo haɗari ko saɓa doka. An yarda direba ya wuce iyaka don ya kai wurin tsayawa mai aminci, matuƙar bai jefa kowa cikin haɗari ba, kuma sai ya rubuta dalili da hannunsa da zarar ya isa.