Zaɓin Gwaji ga Jerin da Ya Ƙunshi Faktoriyal da Fawa

Jeri marar ƙarewa, wato a₁ + a₂ + a₃ + …, ko dai jimlarsa ta tsaya a kan wata lamba, ko ta yi ta tafiya ba tsayawa. Idan gaɓoɓin jerin suna ɗauke da faktoriyal, wato n! = 1×2×3×…×n, ko wata lamba da aka ɗaga zuwa fawa n, gwaje-gwaje biyu ne suka fi kusa da hannu. Na farko shi ne gwajin rabawa, wanda ake dangantawa da d'Alembert: a raba gaɓa ta gaba da wadda take bayanta, a duba iyakar da aₙ₊₁/aₙ ke dosa yayin da n ke girma. Na biyu shi ne gwajin saiwa na Cauchy, wanda ya zo cikin littafinsa na 1821: a ɗauki saiwa ta n ta gaɓar, a duba iyakarta. Ga jerin da gaɓoɓinsa duka sun haura sifili, hukuncinsu ɗaya ne. Iyakar da ta kasa 1 tana nufin jimla ta tsaya, wadda ta wuce 1 tana nufin ba ta tsaya ba, idan kuwa 1 ce daidai to gwajin bai ce komai ba.

Siffar gaɓa ce ke nuna wanda za a ɗauka. Faktoriyal yana son rabawa, domin (n+1)! idan aka raba shi da n! abin da ke saura n+1 ne kawai. Saiwa kuwa ba ta warware shi cikin sauƙi. Amma inda gaɓar gaba ɗaya take ƙarƙashin fawa, kamar (n/(n+1))^(n²), saiwa ce ke sauke fawar nan take, ta bar (n/(n+1))ⁿ, alhali rabawa za ta jawo doguwar wahala.

Gardama tana tasowa ne idan siffofin biyu suka haɗu, kamar a jerin da gaɓarsa ita ce cⁿ·n!/nⁿ, inda c lamba ce da ta haura sifili. Nan rabawa ta fi dacewa. Bayan an soke abin da ya soku, sakamakon shi ne c/(1+1/n)ⁿ. Tun da (1+1/n)ⁿ tana dosar e, kimanin 2.718, iyakar ita ce c/e. Saboda haka idan c = 2 jimlar ta tsaya, domin 2/e kusan 0.74 ne, idan kuma c = 3 ba ta tsaya ba, domin 3/e ta ɗan wuce 1.10.

To idan c = e fa? Iyakar ta zama 1, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke garzayawa wurin gwajin saiwa. Ɓata lokaci ne. Tabbataccen abu ne cewa duk inda iyakar rabawa ta samu, iyakar saiwa ma ta samu kuma daidai suke, don haka saiwar 1 za ta sake bayarwa. Fifikon gwajin saiwa yana bayyana ne kawai inda sakamakon rabawa yake tsalle sama da ƙasa ba tare da ya doshi wata iyaka ba. Abin da ya kamata a yi shi ne a dubi sakamakon rabawar kansa kafin a kai ga iyaka. Lambar (1+1/n)ⁿ kullum tana ƙasa da e, saboda haka e/(1+1/n)ⁿ kullum ta fi 1. Kowace gaɓa ke nan ta fi ta bayanta girma, gaɓoɓin ba sa dosar sifili, jimlar ba za ta tsaya ba. Ƙiyasin Stirling, wanda ya ce n! yana kusa da √(2πn)·(n/e)ⁿ, ya nuna ma yadda suke girma: kamar √(2πn).

Ba kullum ake samun wannan sauƙin ba. A gaɓar (2n)!/(4ⁿ·(n!)²) rabawa tana ba da (2n+1)/(2n+2). Kuskuren da aka fi yi a hanya shi ne mantawa cewa daga (2n)! zuwa (2n+2)! lambobi biyu ake ƙarawa cikin ninkin, 2n+1 da 2n+2. Wanda ya bar ɗaya zai ga iyaka ta faɗi sifili, ya yanke hukuncin ƙarya. Sakamakon gaskiya kullum yana ƙasa da 1, amma 1 yake dosa, kuma hakan bai isa hujjar tsayawa ba. Nan gwajin Raabe ke aiki: a lissafa n(aₙ/aₙ₊₁ − 1), wanda ya zama n/(2n+1), iyakarsa 1/2. A wannan gwajin iyakar da ta wuce 1 tana nufin jimla ta tsaya, wadda ta kasa 1 tana nufin ba ta tsaya ba, don haka wannan jerin bai tsaya ba. Ƙiyasin Stirling ya kai ga hukunci guda ta wata hanya, domin ya nuna gaɓar tana kusa da 1/√(πn), wadda raguwarta ta fi ta 1/n jinkiri, jerin 1/n kuwa sananne ne cewa ba ya tsayawa.