Kalma a Kan Katin Wot

Wot ba a Najeriya aka haife shi ba. William Storey ne ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa shi, sannan ya samu gindin zama a wurinmu. Kati 54 ne, da siffofi biyar: da'ira, alwatika, kuros, murabba'i da tauraro. Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan, wato ka ajiye katin da ya dace da na sama a siffa ko a lamba, in ba ka da shi ka je kasuwa ka ɗauko.

Mu malaman harshe mun daɗe a kan "ku maimaita bayana", kafin a shekarun 1970 ra'ayin koyar da harshe ta hanyar amfani da shi ya buɗe wa wasanni ƙofar aji. A 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga Hausa, Ibo ko Yarabanci bayan harshensa. Malamin Hausa a gaban yaran da ba Hausawa ba yana bukatar abin da zai sa kalma ta yi ta dawowa, kuma Wot wasa ne da yara suka riga suka iya. Sai dai dabarar da ta fi saurin zuwa wa malami ita ce mafi rauni: a rubuta kalma a jikin katin, a bar masa siffarsa da lambarsa. Yaro zai cinye wasa bai karanta ko ɗaya ba, don idonsa na kan tauraro da 7. Alamar haka a fili take, rufe kalmomin ka gani, wasa zai ci gaba babu tangarɗa.

Gyaran shi ne kalmar ta zama ita ce dokar. A yanka kwali, a jefar da siffa da lamba, rukunin ma'ana ya maye gurbin siffa, harafin farko ya maye gurbin lamba. Idan "tukunya" ce a sama, mai "ludayi" zai ajiye domin duka kayan girki ne, mai "tunkiya" ma zai ajiye saboda harafin t, daga nan wasa ya koma rukunin dabbobi. Wanda ya ajiye bai faɗi ma'ana ba, kasuwa.

Masu suka suna da hujja. Binciken Thomas Tinkham na 1993 ya nuna cewa sababbin kalmomi masu kusancin ma'ana suna rikita ɗalibi idan aka koyar da su tare. Wannan gaskiya ne, shi ya sa wasan na bita ne bayan an koyar da kalmomin, ba na ranar farko ba. Iyayen da ke jin karta su tuna caca su ma ba a raina damuwarsu, amma kwalin da babu lamba a kansa kuma ba a sa kuɗi ya fita daga wannan zargi. Matsalar da ta rage ita ce cunkoso: rukuni ya wuce yara biyar, jira ya fi karatu yawa, don haka ajin yara 60 sai an yanka masa kati saiti 12.