Rajistar Haihuwa ta Na'ura a Birnin Damagaram: Inda Talaka Ke Tsayawa Kafin Sunansa Ya Kai Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba shirin mayar da rajistar haihuwa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa a ma'aikatar magajin garin Damagaram, a Jamhuriyar Nijar. Ta dogara da dokar rajistar jama'a ta 2019, da ƙididdigar da hukuma ta buga, da bin matakan da takarda ke bi daga ɗakin haihuwa zuwa hannun iyaye. Abin da ta gano shi ne yawancin shingayen da ke gaban talaka suna nan tun kafin a kai ga kwamfuta, kuma na'urar tana iya ƙara tsananta ɗaya daga cikinsu, wato saɓanin rubutun suna da ranar haihuwa.

Gabatarwa

Damagaram ba baƙuwar mulki da rubutu ba ce. Fadar Sarki Tanimun a ƙarni na 19 tana da malamai masu rubuta wasiƙu da Larabci, kuma bayan zuwan Faransawa a 1899 garin ya zama hedikwatar ƙasar har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Sai dai rubutun fada da na Nasara ya fi karkata ga sarauta da haraji. Rubuta kowane jariri da sunansa da ranarsa sabon abu ne ga yawancin gidaje. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ne aka sanar da haihuwarsu, a na 2012 kuma adadin ya kai kusan kashi 64. Waɗanda ke riƙe da takardar a hannu ba su kai haka ba, kuma a wannan giɓi ne maƙalar za ta fi tsayawa.

Yau birnin ya kasu gundumomi biyar, kuma ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 320,000. Tun watan Afrilun 2024, da gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da aka naɗa ne ke riƙe da shi, amma aikin rajista bai canza hanya ba.

Hanyar da takarda ke bi

Doka mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yulin 2019 ita ce ta maye gurbin ta 2007. Ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, ta kuma buɗe ƙofar ajiye rajista a na'ura. Tsawaita wa'adin ya dace da al'ada, domin ba a raɗa wa jariri suna sai ranar bakwai, kuma mai jego ba ta cika fita ba kafin arba'in. Gajeren wa'adi kan ƙare ne iyali na tsakiyar hidimar suna.

Matakan uku ne. Na farko sanarwa, wadda ake yi a asibitin da aka haihu ko wajen mai unguwa da mai gari, inda ake rubuta ta da hannu a littafin sanarwa. Na biyu kai wannan bayani ofishin gunduma, inda ma'aikaci ke juya shi cikin babban littafin rajista, jami'in da doka ta ba iko ya sa hannu. Na uku iyaye su koma su karɓi takardarsu. Sanarwa cikin wa'adi kyauta ce, haka ma takardar farko, kwafin da aka nema daga baya ne ke buƙatar tambur. Wanda wa'adi ya wuce masa kuwa sai ya je gaban alƙali da shaidu, a yanke masa hukuncin da ke tabbatar da haihuwar, wanda mutane ke kira jijma, sannan a kai hukuncin gunduma a rubuta.

Kwamfuta tana shigowa ne a mataki na biyu. Tana sauƙaƙa neman suna, tana fitar da kwafi cikin mintoci, tana kuma kare bayani daga gara da gobara da ruwa. Wanda ya ga daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ya san abin da ruwa ke yi wa takarda a gidan ƙasa. Amma na'ura ba ta zuwa ɗakin da unguwarzoma ta karɓi haihuwa a Kara-Kara, ba ta kuma ɗauko littafin sanarwar da ya kwana wata uku a aljihun teburin asibiti saboda ba mai kuɗin man babur.

Misali: yarinyar da ke da suna biyu

A ƙaddara wata yarinya da aka haifa a gida a Garin Malam, uban ɗan dako ne da ke tafiya ci-rani Kano. Ba a sanar da haihuwarta ba. Da ta kai ajin ƙarshe na firamare makaranta ta nemi takarda, sai aka dace da zaman alƙali na tafi-da-gidanka da ake shiryawa domin irin waɗannan yara, aka yi mata jijma. Uwar ta tuna cewa da azumi aka haihu, ba ta riƙe shekarar boko ba, sai aka rubuta shekarar da aka kintata. Magatakardan kotu ya rubuta sunan uba Mahamane. A rajistar makaranta kuwa malami ya daɗe da rubuta Mamane, katin shaidar uban kuma yana ɗauke da Mahamadou. Mutum ɗaya ne, a unguwa kowa Mamman yake ce masa.

A zamanin takarda ma'aikacin da ya san unguwa yakan duba, ya gane, ya wuce. Na'ura tana kwatanta harafi da harafi. Idan aka nemi Mamane ba za ta kawo Mahamane ba, sai ma'aikaci ya ce babu sunan, iyaye su sake neman wani jijman, yarinya ta zama mutum biyu a rajista. Akwai kuma kishiyar wannan matsala. Bahaushe ba ya da sunan dangi da ke bin zuriya, sunan uba yake ɗorawa a kan nasa, don haka masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya suna da yawa ƙwarai a gari guda. Ga manyan da tsofaffin takardunsu suka ce an haife su wajajen shekara kaza, manhajar da ke dole sai an cika rana da wata takan sa a zuba musu 1 ga Janairu. Suna ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya: na'urar da aka umarta ta goge maimaici za ta iya haɗe mutum biyu ta mai da su ɗaya.

Ana iya gane ko rajista na da wannan cuta ba tare da dogon bincike ba. A ƙirga bayanan da ranar haihuwarsu ta faɗo 1 ga Janairu. In haihuwa ta bazu daidai a shekara, rana guda ba ta wuce kusan uku cikin dubu ba, duk abin da ya zarce haka da nisa kintace ne. Sannan a jera bayanan da suka yi daidai a sunan uwa da unguwa da shekara amma suka saɓa da harafi ɗaya ko biyu a sunan uba. Maganin kuwa, a ra'ayina, bai wuce a ba sunan uwa da na kaka da unguwa nauyi wajen tantancewa ba, a kuma hana na'ura haɗe bayanai biyu sai mutum ya duba ya sa hannu. Gyaran harafi guda da ma'aikaci ya kuskure bai kamata ya mai da talaka gaban alƙali ba.

Nauyin tsofaffin littattafai

Akan yi maganar shigar da tsohuwar rajista kamar aikin wata ɗaya. Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna girmansa. In muka ƙaddara haihuwa 40 cikin kowane mutum dubu, gari mai mutum 320,000 zai samu jarirai kusan 13,000 a shekara, wato 130,000 a shekara goma in duk an rubuta su. Ma'aikacin da ke shigar da 50 a yini, na kwanakin aiki 220, zai gama 11,000 a shekara. Ke nan shekara goma ta rajista aikin mutum goma sha biyu ne na shekara guda, kafin a zo ga tantancewa, wadda in an tsallake ta kuskuren hannu ya koma kuskuren na'ura mai hatimi. Ɗaukar hoton shafi ya fi sauri, sai dai ba a neman suna a cikin hoto sai an rubuta masa manuni.

Wuta, layi da kuɗin kabu-kabu

Yankin Damagaram da Maraɗi yana samun kaso mai yawa na wutarsa ta layin da ke fitowa daga Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a Maris na 2024 ta dawo. Ofishin da ya jingine littafi ya dogara da na'ura kaɗai, ba tare da hasken rana da batir ba, a irin wannan lokaci sai dai ya ce a dawo gobe. Kuma kowace "dawo gobe" tana da farashi: kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da tallar yini da ta tafi. Takardar da doka ta ce kyauta ce takan yi tsada a kan hanya, shi ya sa ake tarar da takardun da aka gama an sa musu hannu suna jiran masu su ba a zo ba.

Neman takarda ta intanet, wanda yake cikin burin da hukumar ANSI ke yaɗawa tun kafa ta a 2017, ya fi amfanar ɗalibin da ke Yamai ko ɗan kasuwar da ke Agadas, wanda da sai ya hau mota zuwa gundumar da aka haife shi. Ga matar da ba ta karanta Faransanci, wadda wayar gidan ma tana hannun miji, fom ɗin allo na nufin ta biya wani mai shago ya cika mata. Tsohon ɗan kamasho na bakin ofis ya samu sabon tebur ke nan, kuma bayanan iyalinta sun rage a wayar baƙo, abin da dokar kare bayanan mutum da hukumar HAPDP ke da wuyar sa wa ido a kowane lungu.

Abin da ya fi dacewa da wannan gida ya fi arha: ma'aikaci mai waya ko ƙaramar na'ura a ɗakin haihuwa da wurin rigakafi, wanda zai aika sanarwa gunduma a ranar, da saƙon murya da Hausa ko Barbarci idan takarda ta fito, da kai takardun asibitin unguwa ranar awon jarirai, inda uwar za ta zo ko da ba a kira ta ba. Wanda ke son auna aikin gunduma kuma ya bar ƙirga kwamfutocin da aka saya. Ya ɗauki sanarwa ɗari na wata guda daga asibiti ɗaya, ya bi su bayan wata shida, ya ga nawa suka shiga rajista, nawa aka sa wa hannu, nawa kuma suke hannun iyaye, sannan ya kwatanta sakamakon Kara-Kara da na Zango.