Madarar Gari, Madarar Ruwa da Madara Mai Kauri: Bambancinsu da Yadda Ake Zaɓe

Madarar kanti iri uku ce ta fi yawa a kasuwanninmu: ta gari, ta ruwa da ke cikin gwangwani, da mai kauri wadda aka zuba wa sukari. Asalinsu duka nonon shanu ne da aka rage wa ruwa don ya daɗe bai lalace ba. Mun tsara wannan bayani domin magidanta, masu shayi da jami'an da ke sayo kayan abinci na makarantu da asibitoci.

Yadda ake yin kowace

Madarar gari an busar da ita har danshin da ya rage bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Madarar ruwa kuwa an ƙafar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta, aka rufe ta a gwangwani, sannan aka dafa da zafi mai tsanani don kashe ƙwayoyin cuta. Ba a sa mata sukari. Ita ma mai kauri an rage mata ruwa, amma sukari ne ke tsare ta, domin ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na nauyinta.

Gina jiki

A kowane giram 100, madarar gari mai cikakken maiƙo tana da sinadarin gina jiki kimanin giram 25, ta ruwa giram 7, mai kauri giram 8. Idan aka mayar wa ta gari da ta ruwa ruwansu daidai, amfaninsu ya yi kusa da na nonon shanu. Sai dai a duba jerin kayan haɗi, domin akwai madara mai rahusa da aka cire wa man shanu aka maye gurbinsa da man tsirrai.

Muna jan hankalin iyaye cewa babu ɗaya cikin ukun da ke maye gurbin nonon uwa. Jariri nonon uwa zalla yake bukata a watanni 6 na farko, kuma ba a shayar da shi madara mai kauri.

Misali: kunun gyaɗa a makaranta

A ce mai dafa abinci tana bukatar madara lita 5. Giram 130 na madarar gari yana ba da lita ɗaya, don haka za ta auni giram 650, ta dama da ruwa lita 4 da rabi wanda aka tafasa ya huce. Ta fara kwaɓawa da ruwa kaɗan kafin ta ƙara sauran, don kada ta yi gudaji.

Idan ta ruwa ce, ana ƙara mata ruwa daidai yawanta. Ke nan ana bukatar lita 2 da rabi, wato gwangwani 18 masu giram 150.

Idan kuma mai kauri ce, sai an zuba fiye da kilo 2, wanda ke ɗauke da sukari kusan kilo ɗaya. Kofi ɗaya mai rubu'in lita zai ƙunshi sukari giram 50. Wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 ga baligi a yini guda. Saboda haka wurinta shayi da alawar madara ne, kuma masu ciwon sukari su kiyaye ta.

A kowane hali, a sauke kunun daga wuta ya ɗan sha iska kafin a zuba madara, domin tsamiya da zafi suna sa ta tsinke.

Ajiya inda babu firij

Kafin buɗewa, duka ukun suna kaiwa ranar da aka rubuta a jikinsu. Bayan buɗewa ne suke rabuwa.

Madarar ruwa ita ce mafi saurin lalacewa. A ƙarar da ita a ranar da aka huda gwangwani, domin toshe hujin da takarda ba ya tsare ta. A firij, cikin wani mazubi mai murfi, tana yin kwana 3 zuwa 4.

Madarar gari tana yin makonni idan an rufe ta ruf, ana ɗiba da busasshen cokali. Danshin damina yana sa ta dunƙule, zafi kuma yana sa maiƙonta ya yi ɗoyin tsohon mai. Da zarar an dama ta, a sha nan take.

Mai kauri tana jure 'yan kwanaki, amma a zubar da ita idan ta yi fumfuna ko kumfa.

Kafin a saya

A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. A guji gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa ko yake yoyo. Madarar awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗen buhu ba ta da kwanan wata, don haka jami'ai su nemi ganin buhun na asali kafin su biya kuɗi.